Yadda za ka fitar da na ɗaya, na biyu, na uku a kowane reshe da RANK

"Salam 'yan uwa. Shagon wayoyi nake riƙe wa lissafi, muna da reshe a Sabon Gari, Samaru da Tudun Wada. Oga yana so duk ƙarshen wata in fitar masa da matsayin masu sayarwa a kowane reshe daban, mutum uku na sama ake ba bonas. MySQL nake amfani da shi, na yi GROUP BY da ORDER BY amma duk a cakuɗe suke fitowa. Don Allah a taimaka."

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na jima ina irin wannan aikin wa shaguna a nan Zariya, bari in faɗa maka yadda nake yi. Kafin komai ka buga SELECT VERSION() ka ga me zai nuna maka. In MySQL 5.7 ne to babu RANK a ciki sam, sai daga 8.0 aka sa shi. In kuma XAMPP ka saka, galibi MariaDB ne a ciki ba MySQL ɗin ba, shi daga 10.2 zuwa sama yana yi. Ka duba wannan tun farko don kar ka kwana kana neman kuskure a kod ɗin da lafiyarsa lau.

Aikin hawa biyu ne. Hawa na farko ka tara kuɗin kowane ma'aikaci na wata ya zama layi ɗaya, hawa na biyu sannan ka jera su. Inda na fi ganin mutane suna faɗuwa shi ne su ɗora RANK kai tsaye a kan teburin ciniki, alhali a teburin nan kowane rasit layinsa daban, sai ka ga wanda ya sayar da babbar waya guda ɗaya tal ya fito na ɗaya, wanda kuma ya wuni yana sayar da ƙanana har ya ninka shi kuɗi sunansa ya fito sau arba'in a can ƙasa. Rasit ka jera ke nan, ba mutane ba. A ce teburinka sunansa ciniki, ga yadda zai kasance:

```sql
WITH jimla AS (
  SELECT reshe, maaikaci_id,
         DATE_FORMAT(rana, '%Y-%m') AS wata,
         SUM(kudi) AS jimlar_kudi
  FROM ciniki
  GROUP BY reshe, maaikaci_id, DATE_FORMAT(rana, '%Y-%m')
)
SELECT reshe, wata, maaikaci_id, jimlar_kudi,
       RANK() OVER (PARTITION BY reshe, wata
                    ORDER BY jimlar_kudi DESC) AS matsayi
FROM jimla
ORDER BY reshe, wata, matsayi;
```

PARTITION BY ɗin nan shi ne abin da kake nema. Ka ɗauke shi kamar yadda ake fitar da sakamakon jarrabawa a makaranta, kowane aji da nasa na ɗaya, ba a haɗa ɗan aji uku da ɗan aji shida. Da ya gama da Samaru ya shiga Sabon Gari sai ƙirge ya koma 1. Kuma ka lura na sa wata a ciki tare da reshe, in ka manta shi kuma akwai ciniki na watanni da yawa a teburin, Hadizar Janairu za ta yi takara da Hadizar Fabrairu, alamar da za ka gane shi ne reshe mai mutum huɗu ka ga matsayi ya kai 12. Haka kuma kar ka yi amfani da MONTH(rana) shi kaɗai, domin Janairun bana da na bara duk 1 zai ba ka ya tara su wuri ɗaya, shi ya sa na haɗa da shekara.

To yanzu inda nake so ka nutsu sosai, maganar kunnen doki. A shagon waya wannan na faruwa fiye da yadda kake zato tunda farashi a yanke yake. A ce a Samaru watan nan Hadiza ta yi naira 2,400,000, Sani 1,850,000, Bilkisu ita ma 1,850,000, Auwal 900,000. RANK() zai ba su 1, 2, 2, 4, wato ya tsallake 3 saboda mutum uku ne a gaban Auwal. DENSE_RANK() zai ba su 1, 2, 2, 3, shi ba ya tsallake lamba. ROW_NUMBER() kuwa 1, 2, 3, 4 zai bayar, dole sai ya ɗora ɗaya a kan ɗaya tsakanin Sani da Bilkisu, kuma ba shi da wani dalili na zaɓen, yau yana iya sa Sani gobe in ka sake bugawa ya sa Bilkisu.

Ka ga in bonas na ukun farko ne, da RANK mutum uku za su samu, da DENSE_RANK har Auwal ya shigo, reshen gaba ɗaya ya ci bonas da cinikin da bai kai rabin na biyu ba. Ni dai a harkar kuɗi RANK nake zaɓa, don lambar da ya ba mutum tana gaya maka mutum nawa ne suka fi shi, ka cire ɗaya kawai. Amma shi ma ka sani in kunnen dokin a na uku ya faɗo, 1, 2, 3, 3, mutum huɗu za su fito. Wannan ba kai za ka yanke ba, ka je wurin oga tun kafin ƙarshen wata ka ce ranka ya daɗe in biyu suka yi daidai a na uku, a ba su duka ne ko a raba? In ya ce lallai uku yake so, sai ku amince da abin raba gardama, misali wanda ya fi yawan rasit, ka ƙara COUNT(*) AS yawan_rasit a cikin jimla ka mai da jerin ORDER BY jimlar_kudi DESC, yawan_rasit DESC. Haƙƙin mutane ne wallahi, bai kamata kwamfuta ta yi musu canki-canka ba.

Wurin tace ukun farko kuma, kar ka rubuta WHERE matsayi <= 3 a SELECT ɗin da ya ƙirƙiri matsayi, zai ce maka bai san matsayi ba, saboda WHERE yana aiki ne kafin a lissafa RANK. Ka mai da wancan SELECT ɗin kashi na biyu a cikin WITH ɗin nan, da waƙafi tsakaninsa da jimla, ka sa masa suna jeri, sannan:

```sql
SELECT * FROM jeri
WHERE matsayi <= 3 AND wata = '2024-03'
ORDER BY reshe, matsayi;
```

Sai abu ɗaya da ya taɓa tayar da rigima a wani shago da na yi wa aiki. An ɗauke wani yaro daga Tudun Wada aka mai da shi Sabon Gari a tsakiyar wata, su kuma tsarinsu reshe a teburin ma'aikata kawai yake, babu shi a rasit. Da aka canza masa reshe sai duk cinikinsa, har na watannin baya, ya bi shi Sabon Gari, ya ture wata baiwar Allah daga na uku, lissafin da aka riga aka biya kuɗi a kansa ma ya canza. Don haka ka tabbata reshe a layin cinikin kansa yake, wanda aka rubuta ranar da aka sayar. In ka yi haka yaron zai fito sau biyu a watan, rabi can rabi nan, kuma daidai ne, oga ne zai ce a wane reshe za a lissafa shi.

Kafin ka miƙa takardar, ka ɗauki reshe ɗaya ka tara jimlar_kudi na mutanensa ka gwada da SUM(kudi) na reshen kai tsaye daga ciniki na wannan watan. In bai zo ɗaya ba, musamman in ya ninka, to JOIN ɗin da ka yi don jawo sunaye ne yake maimaita layuka, ka duba ko akwai ma'aikacin da aka shigar sau biyu. Kuma ka tara da maaikaci_id ba da suna ba, don Sani biyu a shago ɗaya ba abin mamaki ba ne a garin nan. In ya ƙi, turo abin da SELECT VERSION() ya nuna da sunayen da ke cikin teburinka in gyara maka shi daidai da naka.