Rogo ya yi laushi amma yana ɗaci, a ci ko a zubar?

Tambaya: Anti don Allah a taimaka, jiya na dafa rogo ya nuna luguf amma akwai ɗaci-ɗaci, yarana biyu suka ci, da dare ƙaramin ya yi ta amai yana cewa kansa na juyawa. Minti nawa ya kamata a dafa ne? Maƙwabciyata ta ce in dai ya yi laushi ba komai.

Amsa: Ƙanwata, fara da yaron. Amai, jiri, ciwon kai ko numfashi sama-sama bayan cin rogo, asibiti ake zuwa, ki gaya musu abin da ya ci. Kar ki tsaya ɗura masa manja ko madara wai suna kashe guba, ba sa kashewa.

Ita kuma maganar maƙwabciyarki wallahi kullum sai na ji ta kuma ita ke kwantar da mutane. Laushi daban, fitar guba daban. Laushi sitaci ne ya nuna kawai. Rogo mai ɗaci, irin wanda ake nomawa don gari da alabo, gubar sayanayid ɗinsa tana cikin tsokar gaba ɗaya, ko awa biyu kika yi kina dafa shi har ya zama kamar tuwo ba ki tsira ba, shi sai an jiƙa shi kwana 3 zuwa 5, ko a gurza a matse a bari ya yi tsami a soya. Wasu har kanwa suke jefawa, to kanwa saurin nuna take sawa, kin ga ma ta rage masa zama a wuta kenan. Kuma mai saidawa ba lallai ya san irin da ya saro ba, ga shi shekarar fari rogo yakan ƙara guba. In kin dafa kin ji ɗaci, zubar, kar ki rufe shi da yaji da ƙuli ki ba yara, jikinsu ƙarami ne, su yake fara kayarwa.

Mai zaƙin shi ne na dafawa, shi yawancin gubarsa a ɓawo take. Yanke kai da gindi, ki tsaga ɓawon a tsaye ki ɓanɓare har wannan farin mai kauri na ciki, ba jan na sama kaɗai ba. Yanka gunduwa kamar tsawon yatsa, ki raba kowace gida biyu ko huɗu, ki cire jijiyar tsakiya. Wanda kika ga baƙin zane a cikinsa ya kwana biyu da haƙa, ya fara lalacewa, ajiye shi gefe.

Ki sa a ruwan sanyi mai yawa ya sha kansa sosai, in ya tafasa ki ƙirga minti 25 zuwa 30, tukunya a buɗe saboda wani sashen gubar a tururi yake fita. Cokali mai yatsu ya shige har tsakiya ba turjiya. Sai ki tsiyaye ruwan ki zubar, ba a miya da shi, ba a ba awaki.