Ƙanena zai sauka Kwangila, me zai kiyaye?

"Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena ya samu gurbin karatu a Samaru, mako mai zuwa zai taho Zariya rajista, kuma bai taɓa fita daga garinmu ba. Wace irin damfara ake yi wa baƙi a tasha da kasuwa?"

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya sanya albarka a karatun. Shekara ashirin ina harkar yadi a kasuwar Sabon Gari, amma da abin da ya same ni zan fara, don har yau salon bai mutu ba, kaya kawai yake sauyawa.

A 2009 na sauka Kwangila, mahaɗar da motoci ke sauke fasinja a Zariya, da yamma, kuɗin sari a aljihun ciki. Wata ƙaramar mota ta tsaya a gabana, direba na kiran Samaru, mutum biyu a baya, dattijo mai carbi a gaba. Ba mu yi nisa ba direba ya gangara gefen titi wai but na ƙara. Ya dawo yana huci: "Wane ne mai kwalin nan? Daloli ne cike, wallahi sai ofishin 'yan sanda!" Saurayin da ke kusa da ni ya fashe da kuka, wai maigidansa ya yi shekara bakwai yana bautar da shi ba sallama, shi ne ya ɗauko. Dattijo ya shiga ba da haƙuri, a rufa wa yaro asiri, a raba da kowa. Sai ya waigo ya dube ni: "Malam, kai me ka gani?"

Wannan tambayar ita ce ƙugiyar. Duk wasan domin ni aka shirya shi, su huɗun bakinsu ɗaya. Da na amsa, abin da zai biyo baya sananne ne: a ce an yi wa kuɗin asiri, ba a taɓa su sai wani malam ya karya, a kai ka wani gida a lungu, a sa ka rantse ba za ka faɗa wa kowa ba, sannan kowa ya kawo abin da ke jikinsa na sayen turare. Su su zube nasu a gabanka don ka saki jiki. Yanzu har katin banki suke karɓa da lambar sirri. Rantsuwar kuwa ita ke rufe bakin mutum kwana da kwanaki yana jiran rabo. Ba wayo ne ya cece ni ba, tsoro ne. Na ce fitsari ya matse ni, na fita, ban waiwayo ba. Ba wanda ya kira ni ya karɓi kuɗin mota.

Daga baya na tuna alamun da na gani na ƙyale. Mun wuce mutane suna ɗaga hannu, ga wuri a mota, direba bai tsaya ba. Direban haya na gaske ba ya barin kujera haka kawai. Kuɗin da ya faɗa mini ma ya yi araha. Kuma baƙi huɗu da suka ce ba su san juna ba, cikin minti biyar sun daidaita a kan maganar da ko 'yan uwa sai sun yi musu.

Ƙanwar wannan dabarar tana kasuwa. Wani ya yar da ƙunshin kuɗi a gabanka, na biyu ya ɗauka ya ce ku koma gefe ku raba. Kuna komawa mai kuɗi ya bayyana, ya ce kowa ya fito da nasa a duba. A wajen dubawar ake musanya naka da yankakkiyar takarda, kuɗi ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. In ƙanenki ya ga an yar, ya wuce abinsa.

Ki sa ya haddace hanya kafin ya taso. Daga Kwangila, Samaru tana kan titin Sakkwato, wato hanyar Funtuwa, Shika na gaba da ita. Kongo kuwa, ɗaya harabar Jami'ar Ahmadu Bello, ɓangaren Tudun Wada take, wata fuska daban. Idan mota ta karkata wani lungu da sunan za a sauke kaya, ya ce a ajiye shi nan take, a inda jama'a suke. Ya hau bas ko keke inda ake lodi, ya tambayi mai shago farashi tukuna, ba wanda ya rugo ya kama masa jaka ba. 'Yan kamasho yawancinsu neman halak suke, sai dai kada ya ba kowa kuɗi har sai ya zauna a motar ya ga direba da idonsa.

Kuɗin rajistar kuma kada ya riƙo su a hannu. Ki bar su a asusunki, in ya shiga makaranta ya ga inda ake biya, ya kira ki ki tura. Ki ƙoƙarta ya kama motar asuba, ya sauka kafin la'asar.