Yadda ake rubuta bayani a ƙarƙashin zanen buƙata da samarwa

*Assalamu alaikum. Ina aji ɗaya a sashen nazarin tattalin arziki. Ina kwafe duk zanen da malami ya yi a allo, amma idan na zo bitar karatu sai in tarar da layuka da kibiyoyi kawai, ba na tuna dalilin da ya sa layin buƙata D1 ya koma D2 ko layin samarwa S1 ya koma S2. Me ya kamata in riƙa rubutawa a jikin zanen?*

Wa alaikumus salam, ƙanina. Na daɗe ina yi wa ɗaliban aji ɗaya bita kafin jarrabawa, kuma littattafan da suke kawo mini kusan duk iri ɗaya ne: zane mai kyau da aka ja da rula, amma babu jimla ko ɗaya a ƙarƙashinsa. Dalilin ƙaurar layi a baki malami yake faɗarsa yayin da hannunsa ke zane, shi kuma ɗalibi hannun yake bi, maganar ta wuce shi. Saboda haka a cikin lacca kada ka damu da kyan zane. Ja shi yadda ya samu da fensir, ka sa wa kowace kibiya lamba bisa jerin da malami ya zana su, sannan ka rubuta kalma biyu ko uku na dalilin da ya ambata a gefen kowace lamba. Cikakken bayani kuwa a daren ranar ake rubuta shi, tun maganar ba ta gushe daga kunne ba, kuma don haka nake cewa a bar rabin shafi fili a ƙarƙashin kowane zane.

Bayanin da ya cika yana amsa tambayoyi huɗu a jere: me ya sauya a duniya, wane layi ne ya ƙaura kuma zuwa wane ɓangare, me ya faru a tsohon farashi kafin kasuwa ta gyara kanta, sannan ina farashi da adadi suka tsaya. Yawancin ɗalibai na biyu da na huɗu kawai suke rubutawa, alhali su ne ake gani a zanen ko ba a rubuta ba. Na ɗaya da na uku su ne zane ba ya iya faɗa, kuma a kansu ake raba maki.

Bari mu ɗauki abin da ya faru da gaske. A shekarar 2016 tsutsar nan mai suna Tuta absoluta ta afka wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da wasu jihohin Arewa, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin, farashin kwando kuma ya ninka sau da yawa. Domin lissafi ya yi sauƙi, zan sa alƙaluma na misali, ba na kasuwar wancan lokaci ba. A ce buƙata ita ce Qd = 100 − 2P, samarwa kuma Qs = 3P, inda P ke nufin farashin kwando, Q kuma yawan kwanduna. Layukan biyu sun haɗu a P = 20 da Q = 60, wato E1. Da tsutsa ta ci gonaki, sai samarwa ta koma Qs = 3P − 25, ma'ana a kowane farashi kwanduna 25 sun ragu daga abin da manoma za su iya kawowa. Sabon wurin haɗuwa, E2, yana P = 25 da Q = 50.

Ga abin da zan rubuta a ƙarƙashin wannan zane: "(1) Tsutsa ta lalata amfanin gona. (2) Don haka a kowane farashi abin da ake kawowa ya ragu da kwando 25, S1 ya ƙaura hagu zuwa S2. (3) A tsohon farashi na 20 masu saye suna son 60, masu sayarwa na da 35, akwai giɓin 25. Giɓin ya tura farashi sama zuwa 25. Masu saye sun rage sayensu daga 60 zuwa 50 a kan layin D ɗin da bai motsa ba. (4) Farashi ya hau, adadi ya sauka."

Dubi kalmomin nan guda uku, "a kowane farashi". Ina tilasta wa ɗalibai su sa su a duk jimlar da ke bayanin ƙaura, domin su ne ma'aunin da ke nuna ko ƙaura ce ta gaske. Idan ka sa su jimlar ta zauna daidai, layi ya ƙaura. Idan kuwa ka sa su maganar ta zama shirme, kamar ka ce "farashin tumatir ya hau, don haka a kowane farashi mutane sun rage saye", to ba ƙaura ba ce, tafiya ce a kan layin da yake nan. Farashin kayan da kansa yana gefen tsaye na zanen, an riga an lissafa shi lokacin da aka ja layin, saboda haka ba zai iya ture layin daga wurinsa ba. Kuskuren da na fi gani a takardun ɗalibai daga nan yake fitowa: sai mutum ya ja S zuwa hagu, ya ga farashi ya hau, ya ce ai buƙata za ta ragu, ya ja D ma zuwa hagu, farashi ya sauko, daga nan ya rasa inda zai tsaya. Alamar wannan ciwo a littafi ita ce kibiya biyu ta ƙaura alhali dalili ɗaya kawai aka rubuta. Maganinsa a takarda shi ne launi biyu: jan biro ga kibiyar ƙaura, wadda ake ja a kwance daga tsohon layi zuwa sabo, shuɗi kuma ga kibiyar da ke bin jikin layi.

Akwai wani abu a cikin alƙaluman nan da ya cancanci jimlarsa ta daban. Layin samarwa ya ƙaura da kwando 25, amma adadin da aka sayar da 10 kawai ya ragu. Ina sauran 15? Hawan farashi daga 20 zuwa 25 ya jawo su, domin manomin da ya tsira da wani abu da ɗan kasuwar da ke ɗauko kaya daga nesa sun ga riba, sai adadin da ake kawowa ya tashi daga 35 zuwa 50 a kan S2. Wato giɓin 25 ta fuska biyu aka cike shi, masu saye sun ja baya da 10, masu sayarwa sun ƙaro 15. Wanda ya rubuta wannan a ƙarƙashin zanensa, idan aka zo darasin yadda buƙata ke amsa sauyin farashi, zai gane da wuri dalilin da ya sa layin D mai tsayuwa sosai yake sa farashi ya yi tsalle adadi kuma ya ɗan motsa kaɗan.

Daga nan sai ka zana kasuwa ta biyu a gefen ta farko, ta tumatirin gwangwani. A nan hawan farashin ɗanyen tumatir shi ne dalilin ƙaura, domin yanzu ba farashin kayan da ke cikin zanen ba ne, farashin madadinsa ne. Bayanin zai ce: "Ɗanyen tumatir ya yi tsada, don haka a kowane farashin gwangwani mutane suna son ƙari, D1 ya ƙaura dama zuwa D2, farashi da adadi duka sun hau." Abu guda ya zama tafiya a kan layi a zane ɗaya, ya zama ƙaura a ɗayan. Wannan ne ya sa nake ganin layi na farko na kowane bayani ya kamata ya zama sunan kasuwar, kamar "kasuwar ɗanyen tumatir", tare da abin da aka ɗauka bai sauya ba, irin su kuɗin shigar jama'a da yawansu. P da Q kawai ba sa gaya maka farashin me ake magana a kai bayan wata biyu.

Ka kuma riƙa rubuta hagu da dama, ka bar sama da ƙasa. Raguwar samarwa a ido tana kama da hawa, tun da S2 yana saman S1, kuma ɗalibin da ya rubuta "S ya hau" zai karanta shi ran jarrabawa a matsayin ƙaruwa. Wurin da tazarar tsaye take da amfani shi ne zanen haraji a kan kowane kwando ko kowace lita, inda tazarar tsaye tsakanin S1 da S2 ita ce adadin harajin, kuma a nan sai ka faɗi hakan a fili cikin bayanin.

Inda aikin ya fi wuya shi ne layi biyu su ƙaura tare. Azumin 2016 ya kama a farkon watan Yuni, ana tsakiyar tsadar, don haka a ce buƙatar tumatir ta ƙaru saboda girkin buɗa-baki. Idan buƙata ta koma Qd = 110 − 2P, tare da S2 za a samu P = 27 da Q = 56, adadi ya gaza 60 na farko. Idan kuwa ta koma Qd = 125 − 2P, za a samu P = 30 da Q = 65, adadi ya haura 60. Farashi ya hau a duka biyun, amma adadi ya danganta da wace ƙaura ta fi tasiri, wato girman kowace ƙaura da yadda layukan suke tsaye. Malami a allo dole ya zana ɗaya daga ciki, ɗalibi kuma sai ya haddace wanda aka zana a matsayin doka. Don haka a irin wannan zane jimla ta ƙarshe ta kasu biyu: abin da ya tabbata, da abin da bai tabbata ba. Ni ina sa alamar tambaya kusa da Q, in rubuta "a wannan zanen tasirin ƙaurar S ya fi na D, shi ya sa adadi ya sauka".

Game da harshe, rubuta bayanin da wanda kake tunani da shi, ko da Hausa ce, amma ka bar haruffan D, S, E, P da Q yadda suke, ka kuma tanadi jimla ɗaya cikin harshen jarrabawa da ainihin kalmomin da malami ya yi amfani da su wajen bambanta sauyin buƙata da sauyin adadin da ake buƙata, domin mai duba takarda waɗannan kalmomin yake nema.

Lokacin bita, ka rufe zanen da takarda ka karanta bayanin kaɗai, ka sake zana shi a farar takarda. Duk inda hannunka ya tsaya yana jiran ka leƙa, akwai jimlar da ta ɓace daga bayanin, sai ka ƙara ta nan take. Bayan kwana biyu ka juya aikin, ka rufe bayanin ka faɗe shi da baki daga zanen. Idan duka biyun sun tafi daidai, sauya dalilin ka bar kasuwar: a maimakon tsutsa, ka sa cire tallafin man fetur na watan Mayun 2023 da ya ƙara kuɗin dakon kaya daga gona zuwa kasuwa, ka gani ko za ka iya rubuta jimlolin huɗu kafin ka ja layi ko ɗaya.