Sassauta harshe a saƙon neman a duba rubutu

"Na rubuta wa malamata da Turanci ina neman ta duba mini babin kundina, sai aka ce saƙon ya yi kama da umarni. Ta yaya zan sassauta shi?"

Ka fara da kalmomin da ke ɗauke da roƙon, ka bar sauran jimlar yadda take. Inda ka rubuta "Can you check my chapter?" ka mayar da shi "Could you check my chapter?", domin can yana iya zama tamkar kana tambayar ko za ta iya aikin, alhali could yana bar mata damar ta amsa ko ta ba da uzuri. "You must send it by Friday" kuwa ba ya gyaruwa da sauya kalma ɗaya, sai an juya shi ya zama tambaya: "Would you be able to send it by Friday?" Haka ma "You should look at the tables" ya koma "You may want to look at the tables".

Sharaɗin da nake kiyayewa a aikin gyaran rubutu shi ne kada ladabi ya cinye ma'ana. Idan Juma'a ce ranar ƙarshe da sashenku ya sa, to must ɗin ya zauna, amma a ɗauke shi daga kan malamar a ɗora shi a kan babin: "The chapter must be submitted by Friday", sannan roƙon ya biyo baya da could. Wanda ya sa may a wannan gurbi ya gaya wa malamar cewa kiyaye ranar ba dole ba ne. Ka kuma guji "May you check", domin may na neman izini da I yake tafiya, kamar "May I send you the draft?"