Ni an ce in je fisiyo, yarona an ce tiyata, kuma ciwonmu ɗaya

Tambaya: Likita barka da aiki. Shekarata 51, gwiwata ta dama ta kai wata 4 tana ciwo ta gefen ciki, ban faɗi ba ban bugu ba. Hoton MRI ya nuna guringuntsin da ake kira meniskos ya yage a kwance, likitan ƙashi ya ce fisiyo kawai zan yi, wato atisayen gyaran gaɓa. Ɗana mai shekara 22 ya murɗe tasa a ƙwallo sati 2 da suka wuce, ba ta miƙewa gaba ɗaya, shi an ce a ɗinke cikin gaggawa amma shi yana so a yanke wajen kawai ya koma fili da wuri. Ni kuma ina da halin biyan tiyata. Wa ya kamata a yi wa me?

Amsa: Malam, likitan nan naku bai yi maka rowar tiyata ba, kuma bai yi wa yaron garaje ba. Sunan ciwon ne ɗaya, amma yagewar kowa daban, kuma siffar yagewar da inda ta faɗa su ne ke yanke hukunci.

Kowace gwiwa tana da meniskos guda biyu, na ciki da na waje, kowanne lanƙwashe kamar harafin C yana zaune tsakanin ƙashin cinya da ƙashin ƙwauri yana baza nauyin jiki don kar ya taru waje ɗaya. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne jini ba ya ratsa shi duka. Bakin waje, wajen kashi ɗaya cikin uku ko ma ƙasa da haka, shi ke samun jini, can ciki kuwa fari ne fat ba jini. Inda jini ke zuwa in an ɗinke yana kamawa, inda ba ya zuwa ko an ɗinke zaren ne kawai ke riƙe da shi har ranar da zai saki.

Bari mu fara da yaron don nasa ne ba ya jira. Matashi ya dasa ƙafa ya juya jiki, gwiwa ta kumbura zuwa washegari, sannan ta ƙi miƙewa, wannan labarin kusan kullum yagewa ce a tsaye da ta bi tsawon guringuntsin, sai ɓangaren da ya rabu ya kifa zuwa tsakiyar gaɓar alhali bakinsa biyu suna manne, shi ya sa likitoci ke ce mata hannun bokiti. Abu ne a zahiri ya shiga tsakanin ƙasusuwa ya tokare. Ka gwada da kanka: ya kwanta rigingine, ka ɗaga dugadugansa biyu a tafin hannunka, lafiyayyar za ta sauka ta miƙe sosai, ɗayar za ta tsaya a ɗan lanƙwashe, in ka danna a hankali ka ji tana turo hannunka kamar roba kuma yana cije baki. Ba wani atisaye da zai cire wannan abin daga inda ya maƙale, kuma don Allah kar a bari wani ya ja ƙafar da ƙarfi wai zai gyara targaɗe.

Gaggawar kuma dalilinta shi ne in ɓangaren ya daɗe a kife yana tauri ya canza siffa, ana takawa yana daddagewa, har a shiga a tarar ba abin da za a iya mayarwa. Sati 2 bai makara ba, amma ba abin kai wa bayan wata uku ba ne. Irin wannan yagewar sau da yawa kusa da bakin da ke da jini take, shi yaro ne, naman lafiyayye ne, toh duk abin da ɗinki ke buƙata yana nan.

Na gane abin da ke ransa, kuma lissafinsa na gajeren lokaci daidai ne. In an yanke ɓangaren ta tiyatar kyamara, cikin 'yan kwanaki yana takawa, sati 4 zuwa 8 ya koma fili. In an ɗinke, sati 4 zuwa 6 yana kan sanduna da abin ɗaure gwiwa, galibi ba a barinsa ya lanƙwasa fiye da digiri 90 a farko, ba tsuguno mai zurfi na wajen wata 4, ƙwallo kuma sai bayan wata 4 zuwa 6, kuma duk da wannan wahalar kusan ɗaya cikin huɗu ko biyar ɗinkin yana saki cikin shekaru a sake shiga. Amma hannun bokiti ba ɗan ƙaramin yanki ba ne, in aka cire shi an tafi da babban rabo na meniskos ɗin kenan, kuma ba ya sake tsirowa. Tun 1948 wani likita ɗan Birtaniya mai suna Fairbank ya nuna a hoton ƙashi yadda gwiwar da aka cire wa meniskos take tsukewa tana lalacewa bayan shekaru. Yaro ɗan 22 yana da shekara hamsin ko fiye da zai taka wannan gwiwar. Ni dai da ɗana ne ɗinki zan sa hannu a kai, kakar wasa ɗaya ta tafi ta tafi.

Abu biyu ku tambayi likitan kafin ranar. Na farko ya duba jijiyar tsakiyar gwiwa da ake kira ACL, don sau da yawa tare suke lalacewa, musamman in yaron ya ji ƙara lokacin kuma gwiwar ta cika cikin awa ɗaya ko biyu, kuma in jijiyar ta tsinke gwiwa tana gocewa, ɗinki kuwa a gwiwar da ke gocewa bai cika ɗorewa ba. Na biyu ku ji ta bakinsa cewa yana yin ɗinkin kuma kayan ɗinkin za su kasance a ɗakin, saboda hukuncin ƙarshe sai kyamara ta shiga an taɓa naman an gani, wani lokacin dole a yanke, amma kar ya zama an yanke ne don ba a shirya wa ɗinki ba.

Yanzu kai. Yagewar da ta zo a kwance, ta raba guringuntsin sama da ƙasa, ba faɗuwa ba buguwa, a mutum mai shekara 50, wannan tsufan nama ne, yana bushewa yana rabewa a hankali. Ɗinki ba ya cika kama shi, kamar tsohuwar rigar da yadinta ya mutu ce, ka ɗinke nan ta ɓalle kusa da zaren. Saura yankewa kenan, kuma nan ne aka yi bincike sosai. A Finland a 2013 an ɗauki mutum 146 masu shekara 35 zuwa 65 masu irin yagewarka ba tare da amosanin gwiwa ba, wasu aka yanke musu da gaske, wasu aka sa musu kyamara aka yi kamar ana aiki ba a cire komai ba, kuma ba wanda ya san ɓangaren da ya faɗa. Bayan shekara ɗaya duka sun samu sauƙi, kuma sauƙin bai bambanta ba. A Norway a 2016 an gwada atisayen sati 12 da tiyata a mutum 140, bayan shekara 2 sakamako kusan ɗaya, sai ma masu atisayen suka fi ƙarfin cinya a farko.

Wani abin da zai ba ka mamaki, ba lallai ne yagewar da hoto ya nuna ita ce ke maka ciwo ba. A Amurka a 2008 an yi wa mutane kusan dubu masu shekara 50 zuwa 90 MRI ba don sun kawo ƙara ba, aka samu yagewa a da yawansu, kuma kashi 61 cikin ɗari na masu yagewar ba su ji ciwo ko sagewa ba a watan da ya gabata. Shi ya sa ni rahoton MRI ba ya burge ni sai ya yi daidai da abin da hannu ya ji.

Gwajin hannun kuwa ba wani sirri ba ne. Likita zai lanƙwasa gwiwar ya bi layin da ƙasusuwan biyu suka haɗu da babban yatsa yana neman inda za ka zabura. Sai gwajin McMurray, kana kwance ya naɗe gwiwar har ƙarshe ya murɗa ƙwauri waje ko ciki yana miƙewa a hankali, yana jiran wani ƙas mai ciwo a ƙarƙashin yatsansa, ƙas ɗin da ba ciwo ba komai ba ne, gwiwoyi da yawa suna yi. Sai na Thessaly, ka tsaya da ƙafa ɗaya ya riƙe hannayenka, ka ɗan lanƙwasa kamar digiri 20 ka juya jiki hagu da dama sau uku. Gaskiya kowannensu shi kaɗai yana kuskure sosai, kuma a shekarunka amosani ma yana sa layin gaɓar ya yi ciwo, don haka a wajenka tambayar da ta fi duk gwaje-gwajen nan nauyi ita ce: gwiwar tana kullewa ta ƙi miƙewa? Ba ka ce tana yi ba.

Toh kuɗin tiyatar nan ka kai su wajen mai fisiyo na kirki, wanda zai sa ka zufa, ba wanda zai ɗora maka na'ura mai ɗumi minti 20 ya sallame ka ba. Abin da ake nema ƙarfin naman gaban cinya da na ɗuwawu, sau 2 ko 3 a sati har wata 3 cif, ana ƙara nauyi a hankali: keken motsa jiki, tashi daga kujera ba dafawa, hawa da sauka a mataki ɗaya, tsayuwa da ƙafa ɗaya. Ɗan ciwo lokacin atisaye ba laifi in ya lafa zuwa washegari, in gwiwar ta kwana ta kumbura an yi yawa ne a rage. Ka ɗan ajiye tsuguno mai zurfi da juyawa a kan ƙafar na wasu makonni, in akwai ƙiba a rage. Abin ɗaure gwiwa mai tsada ba ka buƙatarsa, na roba mai sauƙi in yana sa ka ji daɗin tafiya shikenan, amma ba ya haɗa abin da ya yage.

Ƙofar tiyata ba a rufe take ba. A wani binciken Amurka na 2013 kusan kashi 30 cikin ɗari na waɗanda aka tura fisiyo sun koma an yi musu tiyata cikin wata 6, kuma jinkirin bai sa sun ƙare a baya ba. In ka yi wata 3 ɗinka da gaske ba sauƙi, ko gwiwar ta fara maƙalewa sai ka girgiza ta kafin ta saki, wanda ke nuna wani ɗan leɓe ya ɓalle yana yawo, ka koma a sake magana.

Akwai yagewa guda da nake so ka tabbatar ba ita ba ce, don tana zuwa wa mutanen shekarunka kuma ana yawan tsallake ta: yagewar saiwa, inda meniskos ɗin ya tsinke daga inda yake manne da ƙashi ta baya. Yawanci mutum zai tuna ranar, yana tsuguno ko yana saukowa daga mataki ya ji wani abu ya ɓalle a bayan gwiwa da zafi mai tsanani. In saiwar ta tsinke guringuntsin yana zamewa gefe ya daina ɗaukar nauyi kamar an cire shi duka, kuma gwiwar tana iya lalacewa da sauri, wannan kam in amosani bai yi nisa ba ana duba yiwuwar ɗinki. Ka ɗauki faifan hoton ba takardar rahoton kawai ba, ka ce wa likitan ya nuna maka saiwar ta baya, kuma in ba a yi maka hoton ƙashi a tsaye kana ɗauke da nauyinka ba a yi shi ranar.