Ka bar AI ya zana hoto, rubutun kai za ka sa

"Oga, tambnel ɗin tashar labaran nan nake haɗawa, AI ya zana hoton yayi kyau wallahi, amma sau shida ina cewa ya rubuta ƁARAWON ƘAUYE yana kwaɓa min. Ya zan yi ya rubuta daidai?"

Ƙanena daina ƙona data, wannan aikin biyu ne kake son ka haɗa su wuri ɗaya. Shi AI ba taifin yake yi ba, zana kamannin haruffa yake kamar yadda yake zana bishiya ko hula, to da turanci ya saba ganinsu shi yasa wani lokacin yake dacewa, amma namu masu lanƙwasa, Ɓ da Ƙ da Ɗ, bai gansu da yawa ba, sai ya miƙe lanƙwasar ko ya ƙirƙiro wani harafin da babu shi a duniya. Kuma ko ya dace yau, labarin nan kashi-kashi ne ai, gobe mai tashar zai ce a sa kashi na 2, ka koma ka ce ya canza lamba kawai sai ya canza maka har fuskar mutumin, rubutun ya riga ya manne da hoton ba ka da yadda za ka ɓamɓare shi.

Koma ka sake neman hoton babu rubutu ko ɗaya, kuma tun a nan za ka nemar wa rubutunka wurin zama. A ƙarshen bayaninka ƙara wannan:

```
16:9, man on the right, empty dark sky on the left, no text
```

Mutumin yana dama, hagu fili. In ya fito ka zuƙo hoton ka duba bango da allon shago da gaban riga, don ya kan ɓoye wasu ƙananan haruffan banza a can, ka ƙirga yatsu ma.

Sai ka buɗe manhajar PixelLab, ka saita girma 1280 da 720, ya yi daidai da ma'aunin 16:9 na YouTube, ka jawo hoton ya cika fili ka kulle shi kar ya riƙa motsi. Yanzu maganar font, nan ne yara da yawa suke faɗuwa. Font ɗin nan masu kauri da kuke so yawancinsu basu da haruffanmu, kuma alamar a bayyane take: ka rubuta ƘAUYE sai ka ga Ƙ ɗin ta fito siririya daban da sauran, ko akwati ya fito a wurinta. Kar ka ce bari in sa K kawai in wuce, ƙasa da kasa ba ɗaya bane, mai karatu Bahaushe yana gani zai san aikin gaggawa ne. Sauke Noto Sans mai kaurin, wanda aka rubuta Black, ka shigar da shi cikin manhajar, yana da su duka manya da ƙanana. Ni kafin in yarda da kowane font sai na fara buga Ɓ Ɗ Ƙ na gani.

Kalmomin nan biyu ka raba su layi biyu, ƁARAWON a sama ƘAUYE a ƙasa, kowane layi tsayinsa ya kai kamar 150 cikin 720 ɗin nan, fari ko ruwan ɗorawa tunda bayan duhu ne, ka zagaye shi da baƙin Stroke amma kar ya yi kaurin da zai toshe cikin A da O, in ya toshe to lanƙwasar Ƙ ma ta nutse. Ka bar tazara kamar 60 daga baki. "Kashi na 1" kuma shi kaɗai a nasa layin daban, ƙarami, a sama ta hagu. Kar ka kuskura ka kai shi ƙasa ta dama, nan YouTube yake ɗora tsawon bidiyo, zai rufe maka shi ruf, na ga wanda ya sa lambar kashi a wurin har kashi goma ba mai ganin lambar.

In ka gama, kafin ka tura, ka ƙanƙance hoton a waya ya koma kamar faɗin yatsu biyu, ka miƙa hannu nesa ka duba, haka masu kallo za su ganshi suna wucewa da babban yatsa. In sai ka ƙanƙance ido kafin ka karanta to ƙara girma, ko ka sa ɗan baƙi-baƙi a bayan rubutun.

Ajiya kuma sau biyu ce. Ɗaya JPG da za a ɗora, ka riƙe shi ƙasa da 2MB, ɗaya kuma Save as project, shi ne gobe za ka buɗe ka mayar da 1 ta koma 2 cikin minti ɗaya. In mai tashar ya ce bai ga wurin ɗora tambnel ba, ka ce ya tabbatar da tashar da lambar wayarsa tukuna. Haɗa na farkon ka kawo min in gani kafin la'asar.