Hutun minti 20 a biro: wane wasa ne zai ƙare kafin a koma aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikaci ne a wani biro a unguwar Filato, nan Yamai. Ina samun hutun minti 20 da rana, kuma ina son ɗan wasan da zai wartsake mini ƙwaƙwalwa. Amma duk lokacin da na fara lido a waya, ko mu zauna belot da abokan aiki, sai lokaci ya cika ba mu gama ba, har shef ya fara yi mini magana. Wane wasa ne ya dace da wannan ɗan lokaci?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin a zaɓi wasa, a fara cire abin da ba na wasa ba ne daga cikin mintin nan 20. Adana dosiyen da ke gabanka da kulle na'ura zai ci minti 2. Shan ruwa da zagayawa, minti 3. Komawa kujera da tattaro hankali, wasu minti 2. Abin da ya rage a hannunka minti 13 ne, don haka ka ɗauki minti 12 a matsayin iyakarka, ka saita ƙararrawar waya a kansa. In kuwa a cikin hutun nan ne kake alwala da sallar Azahar, to bai fi minti 5 ko 6 ya rage maka ba, kuma lissafin da ke ƙasa zai nuna maka abin da zai shiga cikinsu.

Abin da za ka tambayi kanka game da kowane wasa shi ne: me ke kawo ƙarshensa? In agogo ne, ko wani adadi da aka sani tun farko, zai shiga hutunka. In sa'a ce, ba zai shiga ba. Lido na cikin kashi na biyu. Ɗa ba ya fita gida sai an jefa shida, kuma a matsakaici sau ɗaya shida ke zuwa cikin jifa shida. Kusan mutum ɗaya cikin shida ma zai yi jifa goma a jere bai ga shida ba. Ga ƴaƴa huɗu, ga wanda aka ci yana komawa farko. Babu wanda zai iya faɗa maka lokacin da za a tashi, shi ya sa kullum yake kai ka ga makara. Belot kuwa gyaransa mai sauƙi ne: rabo ɗaya karta 32 ce, zagaye 8, maki 162, ana gama shi cikin ƴan mintoci. Neman cika maki dubu shi ne mai cin lokaci. Ku yi rabo biyu, ku rubuta maki a takarda, gobe ku ɗora daga nan.

In kai kaɗai ne da wayarka, wasan da ya fi sauƙin aunawa shi ne ces, wanda aka fi sani da eshek a nan, domin da agogonsa yake zuwa. A manhaja irin Lichess, wadda kyauta ce kuma ba ta da talla, za ka ga lambobi kamar 5+0, 3+2, 5+3 da 10+5. Lambar farko mintocin da aka ba kowane ɗan wasa ne, ta biyu kuma daƙiƙoƙin da ake ƙara masa bayan kowane motsi. Inda mutane ke ruɗewa shi ne su manta cewa agogo biyu ne, naka da na abokin karawa. Wanda ya ga 10+5 sai ya ce ai minti goma ne. A'a. Minti 20 ne a haɗe, kuma in wasan ya kai motsi 40 ga kowane ɓangare, ƙarin daƙiƙa 400 ya hau kai, jimilla minti 26 da daƙiƙa 40. Ya cinye hutun har ya shiga lokacin aiki.

Da wannan lissafin, 5+0 ba zai taɓa wuce minti 10 ba, ko me ya faru. 3+2 a motsi 40 yana tsayawa a minti 8 da daƙiƙa 40, sai dai wasa mai tsawo zai iya zarce hakan, tun da ƙarin ba shi da rufi. 5+3 yana kai wa minti 14, ya haura iyakarka. Mu 5+0 muke ba ka shawara, wasa ɗaya tak. Mai ragowar minti 6 bayan salla sai ya ɗauki 3+0. Ka lura da abu guda: in rezo ya yanke, agogonka bai tsaya ba, zai ci gaba da tafiya har ka faɗi a kan lokaci. In ka san rezon bironku na rawa, wannan ba naka ba ne.

To amma mutumin da ya wuni yana kallon allon na'ura, a ganinmu bai kamata ya huta da kallon wani ƙaramin allo ba. In kana da abokin aiki ɗaya mai sha'awa, dara ta fi, wadda wasu ke kira dili, irin wadda dattawa ke bugawa a rairayi ƙarƙashin inuwa. Ba ta bukatar rezo ko kuran, kuma kayanta suna cikin bironku. Ka ɗauki farar takarda A4, wadda faɗinta santimita 21 ne, tsawonta 29.7. Ka kwantar da ita, ka zana layi 5, kowane layi gida 6, kowane gida santimita 4. Zanen zai ci santimita 24 a kan 20, gida 30 ke nan. Kowa ya samo ƴaƴa 12 masu bambanci da na ɗan'uwansa, misali marfin kwalba da ƙwallon dabino. Tsinken ashana ba ya yi a kan takarda, iskar fanka za ta kwashe shi.

Wasan hawa biyu ne. Da farko zubi: kowa na ajiye ɗa ɗaya bi da bi har 24 su ƙare, a bar gida 6 babu kowa, kuma a lokacin zubi ba a yarda mutum ya jera uku ba. Bayan nan sai tafiya: ana matsar da ɗa gida ɗaya, gaba ko baya, dama ko hagu, ban da karkace. Wanda ya jera uku cif a miƙe ya cire ɗa ɗaya na abokin karawa. Jeri huɗu ba ya ci. Wanda ƴaƴansa suka koma biyu ya faɗi, tun da ba zai sake jera uku ba. Dokokin suna ɗan bambanta daga gari zuwa gari, don haka ku daidaita kan abu ɗaya tun kafin ku zuba: shin ana cire ɗan da ke cikin jerin uku da ya riga ya tsaya, ko ba a taɓa shi? Mu mun fi son a bar shi. Gardama a kan wannan a tsakiyar wasa tana iya cin minti uku cikin sha biyunku.

Cikakkiyar dara tana bukatar a ci ƴaƴa 10, kuma tsakanin mutum biyu masu taka-tsantsan hakan na iya jan lokaci sosai. Don ta shiga hutu, ku sa mata ƙa'ida biyu. Zubi kada ya wuce daƙiƙa 5 ga kowane ɗa, wato minti 2 gaba ɗaya. Sannan wanda ya fara cin biyar shi ya yi nasara, in kuma ƙararrawa ta kaɗa kafin nan sai a ƙirga, mai ƴaƴa da yawa ya ɗauka.

Abin da ke gama dara da sauri shi ne doki, wato tsarin da ɗa ɗaya ke kai da komo tsakanin jeri biyu yana ci a kowane motsi, kuma ya kamata ka san yadda ake kafa shi. A ce kana da ƴaƴa biyu a layi na 2, gida na 1 da na 2. Kana da wasu biyu a layi na 3, gida na 4 da na 5. Ɗa na biyar yana layi na 1, gida na 3, kuma gida na 3 a layi na 2 da na 3 duk babu kowa. Ka sauko da shi layi na 2: ka jera 1, 2, 3, ka ci. Da zagayenka ya dawo ka sake sauko da shi layi na 3: ka jera 3, 4, 5, ka ci. Ka mayar da shi sama, ka sake ci. Kowane motsi da cinsa, biyar ɗinka ta cika cikin motsi biyar.

Hanya uku doki ke mutuwa. Ta farko, abokin karawa ya shiga gidan da ka bari. In ɗanka na ƙasa, gidan sama a buɗe yake ga duk wanda ke layi na 1 gida na 3, ko layi na 2 gida na 4. In yana sama, ana shigowa na ƙasa daga layi na 4 gida na 3, ko layi na 3 gida na 2. Saboda haka cinka na farko ya faɗa kan ɗan da ke maƙwabtaka da gidan da za ka bari, kada ka je cire wani can nesa don kawai ya tsone maka ido. Ta biyu, kai da kanka ka lalata shi: in kana da ɗa a layi na 2 gida na 4, ko a layi na 3 gida na 2 ko na 6, jerin zai zama huɗu, ba ci. Ta uku, duk lokacin da ɗanka ke sama, biyun ƙasa ba sa cikin jerin uku, in abokinka ya samu ci ɗaya zai zare guda daga cikinsu, doki ya karye. Kafin ka fara hawa, ka duba ko yana da jeri da motsi ɗaya ya rage masa.

Daga nan za ka gane abin da ake kallo a lokacin zubi. Duk inda ka ga abokinka ya ajiye biyu-biyu a layuka masu maƙwabtaka suna fuskantar gidaje biyu da ke haɗe, ɗaya a saman ɗaya, ka toshe guda daga cikinsu nan take, ko da naka shirin zai jinkirta.

In ƙararrawa ta kaɗa kuna kunnen doki kuma ba ku son rabuwa a haka, ka ɗauki hoton takardar da waya, ka rubuta a gefenta wanda zai fara motsi, ku zuba ƴaƴan a ambulan, gobe ku jera su yadda suke a hoton.